Yadda robobin ajiya suka cinye min ribar fitilun sola

Karon farko da na yi odar kaya daga waje da kaina ba ta hannun wani ba, lissafina gaba ɗaya bai wuce layi uku ba. Kuɗin kaya, kuɗin jirgi, kuɗin kwastam, na tara na ce shi ke nan. Kaya iri biyu na sayo wajen kamfani ɗaya, fitilun sola guda 1,000 a kan dala 6 kowacce, dala 6,000 kenan, sai manyan robobin ajiya masu murfi guda 500 a kan dala 4, dala 2,000. Inbois ɗin ya nuna dala 8,000 a kan sharaɗin FOB, ma'ana mai kaya zai kai su tashar ruwa ta ƙasarsa ya yi takardun fitarwa ya ɗora a jirgi, daga nan duk abin da ya biyo baya a wuyana yake, kuɗi da asara duka.

Kayan ba su isa cika kwantena ba, don haka aka haɗa ni da wasu mutane a kwantena ɗaya. A irin wannan haɗakar ba darajar kaya ake dubawa ba, wurin da suka cinye ake aunawa, mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi mita ɗaya tsayi shi ne abin da za ka ga an rubuta CBM a takarda. Ana kwatanta CBM ɗaya da kilo 1,000, wanda ya fi yawa tsakanin girma da nauyi da shi za a caje ka. Nawa ba su da nauyi, girma aka bi. Fitilun CBM 2 kacal suka ci, robobin kuwa duk da an jera su wani cikin wani sai da suka ci CBM 8. Aka ce dala 90 kowane CBM, dala 900. Na duba harajin shigo da kaya na ga fitila kashi 5 cikin ɗari, roba kashi 20, na buga a kan inbois na samu 300 da 400. Jimla dala 9,600, kuma wallahi da wannan lambar na kwana ina lissafin riba.

Abin da na kashe kafin kaya su shigo sito dala 12,018 ne.

Kuskurena na farko, kwastam ba a kan inbois suka ɗora haraji ba. A yawancin ƙasashe darajar da ake bugawa haraji ita ce CIF, wato kuɗin kaya da kuɗin jirgi da inshora a haɗe. Akwai masu bin FOB kamar Amurka da Kanada da Ostareliya, amma inda na shigo da nawa CIF ake bi, kuma ko tambaya ban yi ba. Inshora kuma na ma manta da ita sai da ejan da ke fitar min da kaya daga kwastam ya nemi takardar. Yadda ake lissafa ta, a haɗa kuɗin kaya da na jirgi a ƙara kashi 10 cikin ɗari a sama, sannan a buga da abin da kamfanin inshora ke caja. Nawa 8,900 ya koma 9,790, suka caji rabin kashi ɗaya cikin ɗari, dala 49. Kuɗi ne ƙanƙani amma sai ya shiga kafin a samu darajar da za a yi wa haraji, ta zama 8,949. Harajin da na ɗauka 700 ne ya fito 858.

Bayan wannan sai VAT, shi kuma ba a kan kuɗin kaya kaɗai yake hawa ba, a kan CIF da harajin kwastam ɗin a haɗe yake hawa, haraji a kan haraji. A lissafina kashi 10 ne, a kan 9,807 ya ba da 981. Kowace ƙasa da nata kason, wasu ma da ƙarin wasu ƙananan haraji a tsakani, abin da ba ya canzawa sosai shi ne jerin yadda suke hawa kan juna:

```
CIF = FOB + jirgi + inshora
haraji = CIF x kaso
VAT = (CIF + haraji) x kaso
```

Idan kana da rajistar da za ta ba ka damar cire VAT ɗin da ka biya daga wanda za ka karɓa a hannun masu saye, to ba tsadar kaya ba ne a wurinka, kuɗi ne da aka riƙe maka na wani lokaci. Ni a lokacin ba ni da ita, dole na zuba shi cikin kuɗin kaya.

Sai kuɗaɗen tasha, waɗanda babu wanda ya ambata min su lokacin da ake min tallan dala 90. Sauke kwantena da buɗe ta da ware kayana daga na mutane, dala 45 kowane CBM, 450 kenan, rabin kuɗin jirgin gaba ɗaya. Takardun sakin kaya da ladan ejan 300. Motar da ta kai kaya sito 240. Cajin banki na tura kuɗi 80. Sannan kuɗin ajiya na kwana huɗu da kayan suka ƙara a tasha bayan kwanakin kyauta sun ƙare, saboda adadin katon da ke kan takardar jerin kaya bai yi daidai da na takardar jirgi ba sai da aka gyara, dala 4 kowane CBM a kullum, 160. Tun daga nan duk wanda ya ba ni farashin jirgi mai araha sai na ce ya rubuto min cajin da za a yi a tashar sauka tukuna, don sau da yawa abin da aka rage maka a can ana jiran ka da shi a nan.

To amma duk wannan ba shi ne ya fi yi min ciwo ba, don kuɗi ne da na gani na biya na rubuta. Inda na cuci kaina shi ne wajen rabawa. Na ce kaya na 8,000 sun iso a 12,018, ƙari ya kai kusan rabi, don haka kowane kaya in ƙara masa rabin kuɗinsa. Fitila ta 6 ta zama 9, roba ta 4 ta zama 6. Na sa wa roba dala 7.50 ina ganin ina cin 1.50 a kowace, fitila kuma na sa mata 10.50.

Robobi suka riƙa tafiya kamar ana rabon kyauta, masu sari na dawowa suna neman ƙari, ni kuma ina ta murna. Fitilu suka zauna, kowa ya taya sai ya ce wasu na bayarwa ƙasa da haka. Wani dattijo da ya daɗe a harkar shigo da kaya, da na kai masa kuka, ko takarduna bai gama dubawa ba ya ce, "Yaro, wanne ne ya cika kwantenar, fitila ko roba?" Na ce roba Baba. Ya ce to me ya sa fitila ke biya mata kuɗin jirgi?

Daren nan na zauna na sake lissafin, kowane kuɗi na tambayi kaina me ya jawo shi. Wanda girman kaya ya jawo, jirgi da cajin tasha da ajiya da mota, na raba shi da CBM, fitila kashi 2 roba kashi 8. Wanda daraja ta jawo kamar cajin banki na raba shi da kuɗin kaya, fitila kashi uku roba kashi ɗaya, ladan ejan ma haka na yi masa duk da wani zai iya raba shi biyu daidai, ban ga laifin hakan ba. Haraji kuwa ba a raba shi ma sam, kowane kaya da lambarsa ta HS, wato lambar da kwastam ke gane nau'in kaya da ita, da kasonsa, nasa ne shi kaɗai.

Fitila ta ɗauki 180 a kuɗin jirgi da 34 a inshora, CIF ɗinta 6,214. Harajinta 311, VAT 653, rabonta na tasha da mota da ajiya 170, na ejan da banki 285. Duka 7,633, ka raba da 1,000, kowace fitila ta iso min a dala 7.63, ba 9 ba.

Roba ta ɗauki 720 a jirgi da 15 a inshora, kaya na 2,000 sun koma 2,735 tun kwastam ba su taɓa su ba, kuma a kan wannan aka buga kashi 20, ya ba da 547. Ka ga kuɗin jirgin da ta ci shi ma sai da aka yi masa haraji, sannan VAT na 328 ya hau kan su duka. Tasha da mota da ajiya 680, ejan da banki 95. Duka 4,385. Raba da 500 ya ba da 8.77, amma guda 20 sun fashe a hanya, kuma inshorar da na zaɓa mafi araha ce, irin wadda ke biyan manyan haɗura kamar gobara ko nutsewar jirgi, ba ta san da fashewar loda da sauke ba. Guda 480 ne za su ɗauki nauyin, kowace ta tsaya a 9.14. Robar da nake sayarwa 7.50 ina murna, asarar dala 1.64 nake yi a kan kowace ɗaya, kuma lokacin da na gane saura ba su kai ɗari ba.

Abin da ya kamata ya farkar da ni tun da wuri a gabana yake. A kaya biyu da suka zo tare, ɗaya na gudu fiye da kima ɗaya ya ƙi motsi, kuma duk masu sayar da irinsu farashinsu ya saɓa da nawa ta ɓangarori biyu, sun fi ni tsada a roba sun fi ni araha a fitila. Ba wai na fi su iya saye ba ne.

Na sauke fitila zuwa 9.50 ta fara tafiya da riba mai kyau, da ita na toshe ramin. Yanzu kafin in tura ko sisi, ina neman abu uku daga mai kaya: girman katon ɗaya da adadin da ke ciki, nauyinsa, da lambar HS da yake fitar da kayan da ita. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a kusan duk duniya, amma sauran da kason haraji na ƙasar da za a shigar ne, don haka ejan nake ba ya tabbatar min a rubuce, ba na dogara da ta mai kaya. Da girman katon nake fitar da kuɗin jirgin guda ɗaya. A robar nan dala 1.44 ne a kan abu na dala 4, sama da kashi ɗaya cikin uku, a fitila kuwa santi 18 a kan dala 6. Ina kuma sa kwana biyar na ajiya da ɗan kaso na fashewa a lissafi ko da ba za su faru ba, in kuma da wani kuɗi zan sayar ba dala ba, ina rubuta canjin ranar da na biya kowane abu daban, don ranar biyan mai kaya da ranar biyan kwastam sukan yi wata biyu tsakani.

Oda ta biyu fitilu kaɗai na sayo. Robobin na sake buga lissafinsu a kan cikakkiyar kwantena mai ƙafa 40, inda kuɗin kowane CBM ke sauka kuma babu cajin ware kaya, lambar ta yi kyau, sai dai jarina bai kai in cika ta ba tukuna.