Hoton da ake turo mini bayan sallar isha'i

Sana'ata riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littafin lissafinsu a kwamfuta. Shagona ɗaki ɗaya ne a Kano, ni da yara biyu, kuma yawancin masu zuwa wurinmu masu sarin kayan masarufi ne da masu hatsi. Mukan gina musu teburin lissafi a Excel, mu nuna wa yaron shagonsu inda zai riƙa zuba kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, shi ke nan. Sai dai aikin ba ya ƙarewa a nan. Da an idar da sallar isha'i, lokacin da ake zama a haɗa cinikin yini, sai wayata ta fara ƙara. Hoto ne a WhatsApp, an ɗauki fuskar kwamfuta a karkace, hasken fitila ya cinye rabinta, a ƙasa an rubuta: "Malam, duba mana, abin nan ya lalace."

Alamun kuskure biyu ne suka fi fitowa a irin waɗannan hotuna, `#DIV/0!` da `#NAME?`. Kuma kusan kullum amsata ta farko iri ɗaya ce: a sake ɗauko hoton. Dalili kuwa, abin da ake gani a cikin gidan lissafi, wato ɗaya daga ƙananan akwatunan teburin, sakamako ne kawai, ita fomular da ta haife shi tana can sama, a dogon akwatin nan da ke kusa da alamar `fx`, kuma ba ta bayyana sai an danna gidan. Saboda haka nakan ce a danna gida na farko da ya nuna kuskuren, a ɗauki hoto wanda zai haɗa da akwatin sama, da haruffan da ke kan layukan tsaye, da lambobin da ke gefen hagu. In babu waɗannan ukun, duk abin da zan faɗa canki-canka ne. Na ce gida na farko ne don kuskure a Excel yana da naso: gida ɗaya in ya lalace, duk fomular da ta dogara da shi ita ma sai ta nuna alamar, har jimlar ƙasa. Mutum yakan ga wuri goma sun yi ja-in-ja da shi, alhali tushen ɗaya ne.

Wani Alhaji mai sarin sukari da taliya da man girki ya taɓa turo mini irin wannan hoto, hankalinsa a tashe. Yaronsa ya so ya fitar da kason da kowane kaya ya kawo a cinikin wata. Kayan suna jere daga layi na 5 zuwa na 20, kuɗin kowanne a layin tsaye na D, jimlarsu kuma a `D21`, naira miliyan 2 da dubu 400. Sukari, wanda yake layi na 5, ya kawo dubu 600, kuma gidan `E5` ya nuna kashi 25 cikin ɗari, daidai. Amma daga `E6` har `E20`, `#DIV/0!` ne reras.

Tun kafin a sake hoton na san inda gizo yake saƙar, don duk lokacin da layin farko ya yi daidai sauran suka ƙi, jan fomula aka yi. Da aka danna `E6`, ga abin da ya fito:

```
=D6/D22
```

Yaron ya rubuta `=D5/D21` a gidan farko, sannan ya kama kusurwarsa ya ja zuwa ƙasa. Ita kuwa Excel, in ka ja fomula ƙasa da layi ɗaya, duk adireshin da ke cikinta sai ya sauka da layi ɗaya. `D5` ya koma `D6`, wanda shi ake so, amma `D21` shi ma ya koma `D22`, gidan da babu komai a cikinsa. Wajen rabawa, gidan da ba a rubuta komai ba sifili ne a wurin Excel, kuma ba a raba kuɗi gida sifili. Abin da alamar take faɗa ke nan, ba wani abu ba.

Alhaji ya kira ni ya ce, "To Malam, kuɗina ne suka ɓace ko kwamfutar ce ta tsufa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Ba ni yaron."

Na sa ya koma `E5` ya kafe jimlar da alamar dala, sannan ya sake ja:

```
=D5/$D$21
```

Alamar `$` kafin harafi da kafin lamba tana hana adireshin motsi. A kwamfuta, in ka zaɓi adireshin a cikin fomula ka danna maɓallin `F4`, ita da kanta za ta sa alamun. Kafin ya ajiye wayar layukan goma sha biyar sun warke.

Akwai wata hanyar da `#DIV/0!` ke fitowa ba tare da ka ga alamar rabawa ko ɗaya a fomular ba, wato a `AVERAGE`. Matsakaici ai jimla ce a raba da yawan lambobi, to in babu lamba ko ɗaya a gidajen da aka nuna mata, rabawa da sifili ta zo. Abin da ke ruɗa mutane shi ne suna ganin lambobin da idonsu. Sai ka duba hoton da kyau ka ga sun jingina hagu maimakon dama, wasu da ɗan koren tabo a kusurwa, ko kuma an rubuta "buhu 50" a gida ɗaya. Wannan rubutu ne a wurin Excel, kuma `AVERAGE` tsallake rubutu take yi.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, don shi ya canza yadda nake aiki. Farkon fara sana'ar nan na gano `IFERROR`, na ɗauka na tsinci dami a kala. Duk fomular da ka naɗe da ita, in ta yi kuskure sai ta nuna abin da ka zaɓa. Na gina wa wani mai hatsi teburi, inda kuɗin sayen buhu ɗaya yake fitowa daga jimlar kuɗin sari a raba da yawan buhuna, na rubuta:

```
=IFERROR(D7/C7,0)
```

Teburi ya yi fes, babu alamar kuskure ko ɗaya. Wata rana ya sari wake buhu 20 a kan naira dubu 900, wato kowane buhu dubu 45. Yaronsa ya zuba kuɗin a `D7`, ya manta bai sa yawan buhunan a `C7` ba. Da ban rufe bakin fomular ba, da `#DIV/0!` ta fito, da a daren an kira ni. Maimakon haka sai ta nuna sifili, wai kyauta aka ba shi waken. Ya sayar da buhu 12 a kan dubu 50 kowanne. Ribarsa ta gaskiya dubu 5 ce a buhu, dubu 60 ke nan gaba ɗaya, amma teburina ya rubuta masa dubu 600. Allah ya sa mutumin ya san kasuwarsa fiye da kwamfuta, ya ce wake bai taɓa ba shi irin wannan riba ba. Na kwana biyu ina jin kunyar haɗa ido da shi.

Tun daga ranar, in gidan da ake rabawa da shi zai iya zama fanko, nakan sa fomular ta yi magana:

```
=IF(C7=0,"a sa yawan buhu",D7/C7)
```

Wannan matsala ɗaya kawai take tarewa, kuma tana faɗa wa yaron abin da zai yi. Gaskiya ne, gidan riba da ke cire wannan daga farashin sayarwa zai nuna `#VALUE!` har sai an cike gurbin. Ni na fi son hakan.

Ita `#NAME?` maganarta daban ce. Tana nufin akwai wata kalma a cikin fomular da Excel ba ta gane ba. Mafi sauƙi shi ne kuskuren rubutu, kamar `=SUMM(D5:D20)` ko `=VLOKUP(`, ko a manta ɗigo biyun tsakiya a rubuta `D5D20`. Sai rubutun da aka bari tsirara: in kana son fomula ta duba ko an rubuta Bashi a gida, dole kalmar ta zauna cikin alamun zance, `"Bashi"`, in ba haka ba Excel za ta ɗauka sunan wani gida ne ta shiga nema. A nan ma na taɓa jawo wa kaina aiki. Na tura wa wani fomula daga wayata, ya kwafa ya liƙa, ta ba shi `#NAME?`, ni kuma ina rantsuwa daidai take. Sai da na buɗa hoton sosai na ga wayar ta mayar da miƙaƙƙun alamun zance zuwa lanƙwasassu, su kuma Excel ba ta karɓarsu. Yanzu nakan ce a goge su a sake bugawa da hannu.

Wani lokaci fomular lafiyarta ƙalau, kwamfutar ce ba ta san ta ba. `XLOOKUP`, fomular nemo abu a teburi, tana aiki a Excel 2021 da Microsoft 365, amma babu ita a na 2016 da na 2019, waɗanda su ne a yawancin kwamfutocin shagunan da nake shiga. In na ga `_xlfn.` a gaban sunan fomula a cikin hoto, magana ta ƙare, an gina teburin a sabuwa an buɗe shi a tsohuwa. Maganin shi ne a koma `VLOOKUP`, ko a haɗa `INDEX` da `MATCH`. Shi ya sa kafin in fara wa kowa aiki nake tambayar wace Excel ce a shagonsa.

Sannan akwai abokan cinikinmu na Maraɗi. Wani da ke sayen kaya a hannun Alhajin nan mai sukari ya nemi in taimaka masa da jimla, na tura masa `=SUM(D5:D20)`, ya dawo mini da hoto ɗauke da `#NOM?`. Excel ɗinsa ta Faransanci ce, a can sunan fomular `SOMME`, `IF` kuma `SI` ce, sannan tsakanin sassan fomula `;` suke sawa inda muke sa waƙafi. Da fayil ɗin na tura masa kai tsaye, da Excel ta juya sunayen da kanta lokacin buɗewa. Wanda aka buga da hannu ne ba ta juyawa. Na gyara masa a daren, na kuma rubuta a littafina cewa duk wanda lambar wayarsa ta fara da +227, fayil zan tura masa.