Wasiƙu uku kafin Hiyas ta iso Damagaram

Motar farko da na aiko gida daga Turai, da hoto na saye ta. Lokacin ina zaune a Burusel, ina 'yar buga-bugata a unguwar da 'yan Afirka ke hada-hadar tsofaffin motoci, sai yayana ya kira ni daga Damagaram ya ce yana son Hiyas da zai sa a hanyar Magarya. Na ga wata a Jamus, fara tas, hotuna takwas. Na rubuta wa mai ita layi biyu: tana nan, kuma nawa ne kuɗinta na ƙarshe? Ya amsa, na tura kuɗi, aka ɗora ta a jirgi.

Ranar da ta shigo gari, bakaniken Yaya ya shiga ƙarƙashinta da sukundireba a hannu. Ya ɗan caka ƙarfen da ke kusa da tayar baya, sai sukundireban ya shige kamar an caka gurasa. Ya fito yana kakkaɓe riga ya ce, "Alhaji, ƙanenka fenti ya sayo maka." Gishirin da suke watsawa a kan titi lokacin ƙanƙara shi ya cinye ta daga ƙasa, ga shi cikin hotunan takwas babu ko ɗaya na ƙasan mota. Mai motar bai yi mini ƙarya ba, abin da ban tambaya ba ne ya yi shiru a kansa. Sai da aka yi wata biyu ana walda kafin ta ɗauki fasinja, kuma Yaya bai taɓa yi mini gori ba, wanda hakan ya fi gorin zafi.

Da za a sayi ta biyu a 2022, sai na canza tsari. Na raba maganar gida uku, kowace da wasiƙarta, kuma ban buɗe ta gaba ba sai ta baya ta rufe.

Wasiƙar farko ko kalmar ragi babu a cikinta. Mai sayarwa a can yana samun saƙon "nawa ne ƙarshe" sau goma kafin azahar, yawanci ko amsawa ba ya yi. Na gabatar da kaina, na ce ni ɗan kasuwa ne, motar Nijar za ta tafi, sannan na nemi lambar shasi. Lambar nan haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma ba a sa I, O ko Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Na ce ya ɗauko mini hotonta a inda aka buga ta a jikin ƙarfen mota, da kuma hoton takardar mota, wadda muke ce wa kart giriz. A takardun Tarayyar Turai lambar shasi tana gurbin E, ranar da aka fara yi wa motar rajista tana gurbin B. Takardar Jamus kashi biyu ce, kuma kashi na biyu nake nema musamman, domin idan akwai bashin banki a kan mota, a hannun banki yake zama. Wanda ya ce maka kashi na biyu "yana zuwa", ka jira ya zo tukuna.

Daga nan na nemi bidiyo, kuma na faɗi yadda nake son sa dalla-dalla, don in ka ce bidiyo kawai, zagaye motar za a yi maka ana nuna kujeru. Na rubuta: "Don Allah a ɗauka da safe, kafin a tayar da ita. A fara da ɗora hannu a kan inji, a nuna allurar zafi tana ƙasa, sannan a murɗa makulli ba tare da an yanke ɗaukar ba." Injin gazuwal da ya gaji, da sanyin safiya yake tona kansa, idan ya ɗumama, ko gajiyayye tashi yake yi da bugu ɗaya. Na ce a nuna hayaƙin salansa na minti guda. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi alama ce ruwa na shiga inda ba wurinsa ba, shuɗi kuma baƙin mai ne ke ƙonewa. Na ce a buɗe murfin baƙin mai a juya shi a gaban kyamara, in ga ko akwai farin kumfa mai kama da kindirmo. Ƙarshe, a ɗaga ta a gareji a haska ƙarƙashinta da tocila, daga gaba har baya.

Kwana biyu bai amsa ba, har na ɗauka na kore shi da yawan tambaya. Rana ta uku sai ga komai. Na tura wa Yaya, shi kuma ya kai wa bakaniken nan, suka zauna a ƙarƙashin bedi suna maimaita bidiyon a waya. Bakaniken ya aiko da saƙon murya: inji lafiya lau, amma tayar gaba ta dama ta cinye ta gefe guda, a duba ƙafar. Abin da ni da nake kusa da motar ban lura da shi ba, shi ya gani daga Damagaram. Na hau jirgin ƙasa na je da kaina, aka ɗaga ta, ashe wani ƙarfen sitiyari ne ya saki. Wannan ya ba ni bakin neman ragi, kuma ragi mai hujja ba a cika musun sa ba.

Wasiƙa ta biyu ta kuɗi ce, a nan na fi daɗewa. Mun daidaita a kan Yuro 6,500. Tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne kuma ba ya motsi, lissafin Yaya bai yi wuya ba: miliyan huɗu da jika 263 da 'yan kai. To amma mai motar ya rubuto cewa zan biya 7,735. Bambancin, wato 1,235, harajin saye ne na Jamus, kashi 19 cikin ɗari. Kayan da za su fita daga Tarayyar Turai ba a biyan wannan haraji a kansu, sai dai mai sayarwa yana tsoron kada ka ɗauki mota ka sayar da ita a ƙauyen gaba, hukuma ta zo ta kama shi. Saboda haka yakan riƙe kuɗin a matsayin jingina, sai ka kawo shaidar duwan cewa motar ta fita, ya mayar maka. Yuro 1,235 ya kai jika 810, ba kuɗin da za a bari a kan "ka yarda da ni" ba ne. Na ce a rubuta a cikin faktir cewa jingina ce, a rubuta takardar da zan kawo, da yawan kwanakin da zai yi kafin ya mayar. Ya sa kwana 14.

Akwai tarko a nan da ya kama wani abokina. Ba kowace tsohuwar mota ce ake cire wa harajin ba. Idan dillalin a hannun mutum mai zaman kansa ya saye ta, yawanci a kan ribarsa kaɗai yake biyan haraji, don haka babu abin da za a mayar maka. Abokin nawa ya yi lissafinsa da ragin kashi 19, ya faɗa wa mai kuɗin a gida, sai daga baya ya gane babu shi. Tun a wasiƙar farko ya kamata a tambaya.

Na ba da kafin alƙalami Yuro 300, da sharaɗi a rubuce cewa zai riƙe mini ita kwana bakwai. Sauran ta banki na tura, bayan faktir ta zo da lambar shasi, da kilomitocin da ke kan allo, da sunana daidai da fasfo. Na duba cewa sunan da ke kan asusun shi ne sunan da ke saman faktir, kuma lambar asusun, wato IBAN, ta fara da DE, alamar Jamus. Ana jibi zan biya, sai ga wani saƙo da sunansa wai sun canza banki, in tura wani asusu a wata ƙasa. Ban amsa saƙon ba. Na kira lambar da ke kan allon garejin, wadda na ɗauka hoto ranar da na je. Mutumin ya yi shiru, sannan ya ce bai aiko da komai ba, ashe an shiga akwatin saƙonsa ne.

Wasiƙa ta uku gajera ce: wa zai ɗauki mota, yaushe, da wace takarda. Na turo masa sunan direban tirela da lambar motarsa, na ce kada ya ba kowa makulli sai shi, kuma a ɗauki hoton motar ta kowane gefe a lokacin lodi. Na roƙe shi ya sa batir mai rai, saboda jirgin da ke ɗaukar motoci daga tashar Anbers ta Beljiyam tuƙa su ake yi a shiga da su, wadda ba ta tashi kuɗinta daban ne. Asalin kart giriz kuwa na ce kada a bar ta a aljihun mota; ni na karɓe ta hannu da hannu, na aika wa taransitenmu, mai fitar mana da kaya daga tashar jirgi a Kwatano, ta kamfanin aika saƙo.

Duk da wannan taka-tsantsan ɗin sai da na kusa yin tuntuɓe. Kamfanin jirgi ya turo mini samfurin takardar lodi in duba kafin a fitar da ta gaske. Na leƙa sama-sama na ga sunan Yaya daidai, na ga an rubuta cewa kayan wucewa ne zuwa Nijar, har zan ce to. Sai na tuna, na kira Yaya, ni ina karanta lambar shasi daga takardar, shi yana bi a hoton ƙarfen. A harafi na sha ɗaya ya ce, "Tsaya, ƙanena, maimaita." An buga 8 a inda B take. Gyaransa a ranar saƙo ɗaya ne. Da jirgi ya riga ya tashi, da motar ta zauna a tashar Kwatano ana ƙirga mata kuɗin ajiya kowace rana har a gyara takarda.

Ta yi sati uku a ruwa, sannan ta biyo Paraku, Malanbil, ta haye gada zuwa Gaya, Doso, Ƙonni, Maraɗi. Bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 kayanmu Lome suka koma, su ratso Burkina Faso, shi ya sa yanzu sunan tashar da za a sauke mota nake fara tambayar Yaya kafin in yi cinikin jirgi.

Shaidar fita ta duwan ta zo mini bayan jirgi ya bar Anbers, na tura wa mai motar da lambar faktir. Kwana 14 suka cika shiru. Na sake rubutawa, layi uku, na liƙa hoton inda ya sa hannu. Kuɗin ya shigo a rana ta 19, kuma da shi Yaya ya cika kuɗin duwan. Bakaniken ya sake shiga ƙarƙashinta da sukundirebansa, ya daɗe yana ƙwanƙwasawa, ya fito ya ce a sayo tayoyi biyu na gaba.