Cefanen mako shida da ya hana ni sayar da fili

Na riga na biya naira 150,000 kafin wani ya yi mini tambayar da ta kamata in yi wa kaina tun farko. Kuɗin na zanen fuskar manhaja ne da tambari, wani kwando kore da tumatir uku a ciki. Har yau ina ganin kyansa. Shirin kuwa mai sauƙi ne a baki: mace tana gida ta latsa waya, ta zaɓi kayan miya, a sayo mata daga kasuwar Yankaba ta Kano a kai mata har ƙofar gida. Mai haɗa manhajar da na samu ya saurare ni tsaf, ya ce zai yiwu, ya yanka mini naira miliyan 2 da rabi, wata huɗu. Ina da ɗan fili a bayan gari, na fara neman mai saye.

Ban zarge shi ba, kuma har yanzu ban zarge shi ba. Idan ka tambayi magini ko za a iya ɗora bene a filinka, zai ce za a iya, domin abin da ya sani ke nan. Ko za ka samu 'yan haya, wannan ba aikinsa ba ne. Ni ne na ɗauki "zai yiwu" na mai rubuta manhaja a matsayin "za a yi ciniki".

Wanda ya taka mini birki kawuna ne, mai shagon atamfa a Kantin Kwari. Na je ne in nemi rancen da zan cika kuɗi, na buɗe masa zanen a waya ina ta bayani. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To ɗana, zuwa yau gida nawa ka kai wa cefanen?" Na ce ai Kawu manhajar ba ta fito ba tukuna. Ya ce, "Kasuwar ma ba ta fito ba? Adaidaita sahu sun tafi yajin aiki? Je ka kai wa gida goma, ka dawo mini da littafi." Raina ya ɓaci ranar. Amma da na kwana na tashi, na kasa samun abu ɗaya da manhajar za ta yi wanda ba zan iya yi da hannu ba a kan gida goma. Karɓar oda, WhatsApp yana yi. Karɓar kuɗi, taransifa tana yi. Lissafi, biro da littafi.

Kafin wannan na yi abin da nake kira bincike. Na tambayi mutum 40, 'yan uwa da abokan aiki da ƙawayen matata, kusan duka suka ce wannan abu ya yi, Allah ya sa albarka. Yanzu na gane cewa wannan amsa ba ta nuna komai sai tarbiyya. Ba wanda zai kalli idonka ya ce tunaninka ba shi da amfani. Da na koma musu da maganar ranar Asabar za a je kasuwa, a turo kuɗin cefane da naira 1,000 na aike kafin daren Juma'a, mutum 11 ne alat ɗinsu ya shigo. Sauran kuwa, wata ta ce almajirinta yana yi mata, wata ta ce maigidan yana biyowa ta kasuwa in ya taso aiki, wata ta ce mai kayan miya yana bakin layinsu kuma yana ba ta bashi zuwa ƙarshen wata. Waɗannan su ne abokan gasata na gaskiya, almajiri da maigida da mai teburin bakin layi, alhali ni ina can ina duba Google Play ina murna babu wata manhaja irin tawa a Kano.

Asabar ɗin farko ta koya mini abin da zane ba zai nuna ba. A zanen, tumatir yana da hoto da farashi da maɓallin ƙari da ragi. Odar farko da ta shigo kuwa saƙon murya ne na kusan minti biyu daga wata Hajiya a Hotoro. Bayan gaisuwa ta ce tumatir na dubu biyu amma mai tauri, kada a kawo mata mai ruwa, attaruhu kaɗan domin maigidan yana da olsa, in tattasai ya yi tsada a bar shi a ƙara albasa da kuɗin, kuma a duba mata ko zogale ɗanye ya shigo. Ka gaya mini maɓallin da zai ɗauki wannan. A kasuwa ba kilo ake yi ba, kashi ne da kwano da kwando, kuma farashin safe daban da na azahar, na ranar da motoci suka shigo daban da na ranar da ba su shigo ba. Manhajar da aka zana mini tana buƙatar wani ya zauna kullum yana sauya farashin kaya sama da talatin. Ban sa albashin wannan mutum a lissafi ba, domin ban san da shi ba.

Sai lissafin kansa, wanda shi ne ya kashe maganar. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin Kano, kayan miya na gidaje da yawa kuma ba sa hawa babur ɗaya cikin daɗi, saboda haka shatar adaidaita na ɗauka. Safiya guda naira 7,000, kuma direban ya yi ta tuna mini cewa tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba a maganar tsohon farashi. Yaron da ke taya ni saye da ƙullawa naira 2,000. Leda da 'yan dako naira 1,000. Kafin in kai wa kowa komai, naira 10,000 ta fita. Abin da ke shigowa a kowace oda shi ne 1,000 na aike da kamar 500 da nake samu saboda na sayi kwando na rarraba. Ke nan sai na kai oda bakwai kafin in mayar da kuɗina, ban biya kaina ko sisi ba.

Iyakar abin da adaidaita ɗaya ke iya kaiwa kafin rana ta dafa alayyafo gida tara ne, shi ma in duk suna ɓangare ɗaya, Hotoro da Giginyu da Badawa. Ranar da na karɓi oda ɗaya daga Rijiyar Zaki saboda kunyar mai ita, ta cinye mini fiye da awa biyu, gida uku suka karɓi kayansu bayan an sauke tukunya. A rana mafi kyau, wadda kaya suka isa kowane gida a kan lokaci, oda tara, ribar naira 3,500 ce. Na ce to a ɗauka kullum rana mafi kyau ce, kwana shida a mako, naira 21,000 ke nan. Kafin miliyan 2 da rabi ta dawo sai an yi mako 119, fiye da shekara biyu, ba ciwo ba ruwan sama ba tumatir da ya ruɓe. Manhaja kuma ba ta rage kuɗin mai, ba ta matso da Rijiyar Zaki kusa da Yankaba.

A nan ne ma na gano cewa kuɗin da mai haɗawa ya yanka kuɗin haihuwa ne kawai, ban da na raino. Domin a sa manhajar inda mutane za su sauke ta, Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple dala 99 duk shekara, ga hayar kwamfutar da za ta riƙe bayanan mutane duk wata, yawanci da dala, ga kuɗin gyara duk sanda wani abu ya lalace ko Android ya sauya. In kuma ta cikin manhaja za a biya, kamfanin karɓar kuɗi yana da nasa kaso. Tsarin Paystack da na duba lokacin kashi 1.5 cikin ɗari ne da ƙarin naira 100, wato naira 220 a cefanen 8,000. Ƙaramin kuɗi ne, sai ka tuna daga cikin 1,500 ɗina zai fita.

Abu na ƙarshe da littafin ya nuna shi ne wa ke dawowa. Na ja layi, sunaye a gefe, makonni a sama, duk wadda ta yi oda in sa mata alama. Mako na farko 11, na uku 6, na shida 4. Da manhaja na fara, da na ga an sauke ta sau ɗari biyu na yi ta murna, ban san an goge ta ba. Na ma gwada tambayar Hajiyar Hotoro ko za ta sauke manhaja in na yi. Ta yi dariya ta ce, "Kai yaro, wayar da kullum sai na goge hotunan biki kafin saƙo ya shigo? Ka bar ni da muryata."

Cikin huɗun nan da suka rage, uku ba cefanen gida suke yi ba. Masu dafa abincin sayarwa ne, ɗaya tana kai wa ma'aikatan wani ofis, biyu suna tuwo da shinkafa a ƙofar gida. Su ba Asabar kawai suke so ba, kullum suke so, kuma rabin kwando suke ɗauka ba na dubu biyu ba. Ɗaya ta gaya mini cewa fitar asuba zuwa kasuwa ita ce abin da ta fi tsana a sana'arta, domin kafin ta dawo yara sun makara makaranta, wuta ba a hura ba. Wannan ce magana ta farko a mako shida da na ji ciwo a cikinta. Sauran duk "zai yi daɗi" ne. Ita kuwa ba ta taɓa neman ragi a kuɗin aike ba, ita ce ma ta haɗa ni da wasu biyu.

Gwajin gaba ɗaya, da asarar da komai, bai kai naira 60,000 ba, ƙasa da rabin abin da na kashe a kan zane. Na koma wa mai haɗa manhajar da takarda ɗaya a maimakon mafarki: masu saye biyar, oda kusan iri ɗaya kullum, matsalata kawai in san wa ya biya, wa ake bi, nawa na sayo kwando jiya. Ya karanta, ya ce gaskiya wannan shafin lissafi na Google Sheets ya ishe shi, in dawo in masu sayen sun kai hamsin ko lissafin ya fara kuɓuce mini. Ya tsara mini shi a zama ɗaya, ya ƙi karɓar komai sai kuɗin mai.

Na kai wa Kawu littafin kamar yadda ya ce. Ya sa tabarau ya bi shafukan da yatsa, ya tsaya a kan ranar Rijiyar Zaki, ya ce wannan wace ce ta ja maka asarar dubu huɗu? Na ce matar abokina ce. Ya ce a haka za ka ƙare. Rancen dai bai bayar ba, ni ma ban sake tayar da maganar ba. Filin yana nan, bana gyaɗa aka shuka a ciki. Kwandon kore mai tumatir uku kuma shi ne hoton da ke kan lambar WhatsApp ɗin da masu tuwo ke turo oda da ƙarfe tara na dare.