Kalmar da hoto ya yanke

Ɗan ƙanwata yana da alajin gyada, irin wanda ke kumbura leɓe ya toshe numfashi. Da aka kawo musu tsarabar biskit daga Maraɗi, rubutun jikinsa duk Faransanci, sai ta ɗauki hoton ledar ta turo min.

"Yaya, duba min, akwai gyada?"

Ban ba ta amsa nan take ba. Na fara kwafe jerin kayan haɗin a takarda yadda yake, tun daga kalmar ingrédients, duk inda ban gani sosai ba na bar gurbi. Na farkon ba su ba ni wahala ba: farine de blé garin alkama ne, lactosérum daga madara ake samunsa, sésame kuwa riɗi ne. Sai na iso wani wuri da naɗin ledar ya rufe, abin da ya fito kawai «pâte d'a». Mai jin Faransanci zai so ya ƙarasa da kansa. Amma abu biyu ne ke iya biyo baya: amande, wato almon, ko arachide, wato gyada, wadda kuma ake kira cacahuète. A irin wannan wurin ba na canka. Na ce ta ware naɗin, ta kashe fitilar waya saboda ƙyallin leda, ta ɗauka a hasken rana, har da can ƙasan jerin.

Hoto na biyu ya nuna amande. Amma a ƙarƙashin naɗin akwai layin da hoton farko bai kamo ba: «peut contenir des traces d'arachide et de fruits à coque». Ma'anarsa, ba a zuba gyada da gangan ba, sai dai ana sarrafa ta a masana'antar, ɓurɓushinta na iya shiga. Shi kuma fruits à coque suna ne da ya tattara su kashu da almon. A dokar Tarayyar Turai ta 2011, wadda ta lissafa abubuwa 14 masu tayar da alaji da dole a fito da su fili a jikin ledar abinci, gyada rukuninta daban ne, don haka mai fassara bai kamata ya gwama su ba.

Akwai kuma kalmomin da ake karantawa sarai amma ba su faɗi asalin abu ba. Idan an rubuta huile végétale kawai, man tsirrai ne, ba a san na wane tsiro ba, ga shi a ƙasashenmu man gyada ya yi yawa. Fassararsa ta gaskiya ita ce "mai, ba a faɗi na mene ne ba", haka nake rubuta shi.

Na tura mata jerin, kowace kalmar Faransanci da Hausarta a gefe, domin likitan yaron ma ya iya dubawa. A sama na rubuta: "Kada ki ba shi, leda ta ce ɓurɓushin gyada na iya shiga." Yayyensa ne suka cinye biskit ɗin a tsakar gida, ta sa suka wanke hannu da sabulu kafin su taɓa yaron.