Ranar da na koyi duba inda RAM ya ƙare

A wata na biyu da fara aiki a wani shagon haɗa allunan lantarki a Jidda, an ba ni ƙaramin allo mai cif ɗin STM32F103C8, aka ce in sa fitilarsa ta kama. Na ɗauko fayilolin wani aikin da aka yi da STM32F407, na loda. Allo ya yi shiru. Tun hantsi har la'asar ina zargin wayoyi.

Babban yayanmu a shagon, Bakano ne da ya daɗe a nan, ya leƙo ya ce, "Ƙanena, buɗe taswirar ma'adanar cif ɗin, ka gaya mini inda RAM ya ƙare."

Farkonsa na sani, `0x20000000`. Ƙarshen ne ban taɓa lissafawa ba. Takardar cif ɗin ta ce kilobait 20, wato `0x5000` a lissafin tushe 16 da ake rubuta adireshi da shi, ke nan iyakarsa `0x20005000`. Daga nan sai fili, babu komai. Fayil ɗin da na aro kuwa, wanda ke gaya wa manhajar haɗa shirin girman ma'adanar cif, ga abin da ke ciki:

```
RAM (xrw) : ORIGIN = 0x20000000, LENGTH = 128K
```

Wannan cif, da zarar an kunna shi a yadda aka saba, yana karanta lambar farko da ke filash, ma'adanar da shirin ke zama, a `0x08000000`, ya ɗauke ta a matsayin saman sitak, wato sashen RAM da shiri ke ajiyar wucin gadi. Muka duba wurin, muka ga `0x20020000`. Sitak daga sama yake sauka, don haka abu na farko da aka so ajiyewa ya faɗa inda babu ma'adana, cif ya tsaya cak. Na mai da 128K zuwa 20K, na kuma rage filash zuwa 64K, sai shirin ya tashi. Abin da ya fi damuna shi ne manhajar haɗa shirin ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Abin da aka faɗa mata ta yarda da shi.

Fitila dai ba ta kama ba. Adireshin `GPIOC`, tashar da fitilar ke jone da ita, shi ma na aro ne, `0x40020800`, wanda a taswirar cif ɗinmu an rubuta `Reserved` a kansa. Namu yana `0x40011000`. Sai dai taswira ƙofar unguwa kawai take nuna maka. Gidan da kake nema sai ka je babin rajistoci a littafin cif ɗin, RM0008, ka ɗauko tazararsa. Ta `ODR`, rajistar da ake rubuta wa don kunna ko kashe ƙafafun tashar, ita ce `0x0C`, ka haɗa ka samu `0x4001100C`.

Saura abu ɗaya, kuma yaya ne ya tuna mini: in ba a kunna wa tashar agogonta a `RCC_APB2ENR` ba, duk abin da ka rubuta mata ba ya zama. Na kunna bit na 4, na saita `PC13`, ƙafar da fitilar take, ta zama mafita, fitila ta kama daf da kiran magariba.