Jadawalin masara da wake da ya kayar da ni

A shekarata ta biyu ina karatun tattalin arziki a nan Kano na ci sifiri a wata tambaya da na shiga da yaƙinin na iya ta. Maki goma ne, kuma ni ne ma na koya wa abokaina ita a daren jarrabawa. Tambayar a kan ƙasashe biyu ce masu samar da kaya iri biyu, a faɗi wadda ya kamata ta riƙe wane. A aji muna ce wa abin kwamfaratib adbantej, ma'aunin da ake gano shi da shi kuma ofotuniti kos, wato abin da ka haƙura da shi don ka samu wani. Bahaushe ya riga ya san wannan tun da ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Manomin da ya ƙare damina a kan wake ya haƙura da masarar da zai noma a wannan damina.

Malaminmu ba ya son misalin ƙasar A da ƙasar B. Yakan ce mu ɗauki Najeriya da Nijar, masara da wake, tunda kowa ya san waken Nijar yana shigowa kasuwar Dawanau. Alƙaluman kam na allo ne, shi ya ƙirƙire su don lissafi ya zo da sauƙi. Ga abin da manomi ɗaya zai iya samu a damina ɗaya idan ya duƙufa a kan abu ɗaya:

| Ƙasa | Buhun masara | Buhun wake |
|---|---|---|
| Najeriya | 12 | 6 |
| Nijar | 4 | 4 |

Kallon farko, magana ta ƙare. Manomin Najeriya ya fi na Nijar masara, ya fi shi wake. Wannan shi ne fifikon da Adam Smith ya yi bayani a 1776, na wanda ya fi iya samar da abu kai tsaye. Da a nan aka tsaya, sai a ce Najeriya ba ta da abin saye a Nijar. David Ricardo ne a 1817 ya nuna tambayar da ta fi wannan: idan ƙasa ta samar da buhu ɗaya na wani abu, nawa ta rasa na ɗayan?

A Najeriya, manomin da ya zaɓi wake 6 ya bar masara 12, don haka kowane buhun wake ya ci masa buhun masara 2. A Nijar wake 4 ne a madadin masara 4, buhu ɗaya a kan buhu ɗaya. Ashe waken ya fi araha a Nijar, duk da manominta bai kai namu yawan buhu ba, domin abin da yake haƙura da shi kaɗan ne. Idan aka juya ta ɓangaren masara, buhu ɗaya a Najeriya rabin buhun wake yake ci, a Nijar kuwa buhu guda cur. Masara ta Najeriya ce, wake na Nijar.

Na daɗe ina haddace wannan ba tare da na yarda da shi a raina ba, har sai da na zauna na motsa manoman da kaina a takarda. A ɗauke manomi ɗaya a Najeriya daga wake a kai shi masara: an rasa wake 6, an samu masara 12. A ɗauke biyu a Nijar daga masara a kai su wake: an rasa masara 8, an samu wake 8. In aka haɗa ƙasashen biyu, masara ta ƙaru da buhu 4, wake ya ƙaru da 2. Ba a ƙara gona ba, ba a ƙara taki ba, ba wanda ya ƙara awa ɗaya a kan aikinsa. Canjin wuri kawai aka yi wa mutum uku.

Saura rabo, kuma farashin musaya ne yake yin sa. Nijar ba za ta ba da buhun wake a ƙasa da buhun masara 1 ba, tunda a gida ma za ta samu hakan. Najeriya ba za ta biya sama da 2 ba, gara ta noma kayanta. Duk cinikin da zai faɗa, tsakanin 1 da 2 zai faɗa. A ce an daidaita a ɗaya da rabi. Nijar ta turo wake 6, ta karɓi masara 9. Najeriya ta mayar da wakenta 6 da ta rasa, ga ragowar masara 3 a hannu. Nijar ta cike masararta 8 har da rarar buhu 1, ga wake 2 da ya rage mata. Idan farashin ya matsa kusa da 2, Nijar ce ke kwashe yawancin ribar, idan ya sauko kusa da 1, Najeriya ce.

Duk wannan na iya shi. Abin da ya kayar da ni shi ne jadawalin da ya fito a takardar jarrabawa:

| Ƙasa | Masara | Wake |
|---|---|---|
| Najeriya | 10 | 20 |
| Nijar | 30 | 30 |

Ina ganinsa na ce banza ta faɗi. Na yi abin da hannuna ya saba: don gano tsadar wake, a raba lambar masara da ta wake. Najeriya 10 a raba da 20, rabi. Nijar 30 a raba da 30, ɗaya. Na rubuta cewa Najeriya ta riƙe wake, Nijar ta riƙe masara, har na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar. Ban karanta ɗan rubutun da ke saman jadawalin ba, inda aka ce lambobin kwanakin aiki ne da ake buƙata don samar da buhu ɗaya.

Da aka raba takardu na bi malam har ofishinsa, ina ganin an zalunce ni. Bai ce komai ba sai da ya ɗauko alli ya rubuta 120 a jikin ƙaramin allonsa.

"Damina kwana 120 ce a lissafinmu. Raba ta da buhu 12."

"Goma, Malam."

"Raba ta da 6."

Kafin na ce ashirin na riga na gane. Jadawalin aji ne sak, an dai juya shi daga buhu zuwa kwana.

"Kai matsalarka kana riga malam masallaci," in ji shi. "Faɗa mini da baki, ka bar rabawa. Manomin Najeriya ya ɓata kwana 20 a kan buhun wake. Da masara ya yi a kwanakin nan, buhu nawa zai samu?"

"Biyu, Malam."

"To ina ka samo rabi?"

A jadawalin da ke nuna abin da aka samu, babbar lamba ita ce mai kyau, kuma lambar ɗayan kayan ce ke hawa sama wajen rabawa: 12 a raba da 6. A jadawalin da ke nuna abin da aka kashe, kwana ko awa ko yawan ma'aikata, ƙaramar lamba ce mai kyau, kuma lambar kayan da kake tambaya a kai ita ke hawa sama: 20 a raba da 10. Wanda ya yi amfani da dokar wancan a wannan, amsarsa za ta fito a juye tsaf, kowace ƙasa ta samu kayan da bai dace da ita ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na duba aikina kafin na miƙa takarda. An koya mana cewa a kowace ƙasa, tsadar wake da tsadar masara juyin juna ne, idan ɗaya 2 ce ɗaya rabi ce, a ninka su a samu 1. An kuma ce ƙasa ɗaya ba ta taɓa samun kwamfaratib adbantej a kaya biyun duka. Amsata ta tsallake gwajin nan biyu lafiya lau, domin wanda ya juya komai gaba ɗaya, lambobinsa suna jituwa da junansu. Gwaje-gwajen suna kama kuskuren rabawa, ba sa kama kuskuren karatu. Abin da ke kama shi kawai shi ne irin tambayar da malam ya yi mini, a faɗi labarin da baki, da kwana da buhu.

Misalin Ricardo na asali ma irin na biyun ne. Ya ce Ingila na buƙatar aikin mutum 100 na shekara don yadi, 120 don giyar inabi, Fotugal kuwa 90 da 80. Fotugal ta fi a duka biyun. Amma yadi a Ingila 100 a kan 120 ne, ƙasa da ɗaya, a Fotugal kuma 90 a kan 80, sama da ɗaya, don haka yadi na Ingila ne. Da shi aka kawo mana ranar, da nan ma na ba Fotugal yadin.

Akwai wani tarko ƙarami da na gani daga baya. Da Nijar na da masara 4 da wake 2, tsadar wake 2 ce a ƙasashen biyu. Najeriya ta ninka ta uku a komai, amma babu abin da musaya za ta ƙara wa kowa. Amsar irin wannan tambaya ita ce babu mai kwamfaratib adbantej, kuma ɗalibai kan ji tsoron rubuta hakan.

Na kai wa kawuna labarin a rumfarsa ta Dawanau, na zana masa jadawalin a bayan wani kwali. Ya saurara yana juya carbi, sannan ya sa yatsa a tsakanin 1 da 2.

"Ɗana, a cikin wannan ɗan tsakanin ne direba zai ci, lebura ya ci, masu shinge a hanya su ci?"

Na ce jadawalin ya ɗauka kamar dako kyauta ne. Ya yi dariya. Gaskiyarsa kuwa: tazarar duka buhun masara ɗaya ce. Idan ɗauko buhun wake daga Maraɗi, a bi ta Jibiya da Katsina a sauke a Kano, ya ci abin da ya kai buhun masara, ciniki ya mutu ko da lissafin allo daidai ne. Ya tuna mini lokacin da aka rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Damina ba ta canza ba, gonaki ba su canza ba, amma kaya sun daina zuwa yadda suka saba.

Jadawalin kuma yana ɗauka cewa kowane manomi da aka ɗauke daga wake zai ba da masara 12. A zahiri na farko da ake ɗaukewa shi ne mai ƙasar da ta fi karɓar masara. Ana ci gaba, ana isowa ga masu jigawa, inda wake ke yi masara ba ta yi, sai tsadar ta riƙa hawa. Shi ya sa ƙasa ba ta barin abu ɗaya gaba ɗaya. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma duk da haka tana sayen na Nijar. Ba a kuma ganin manomin waken da farashi ya faɗo masa a cikin jadawalin, domin ribar ta ƙasa ce a dunƙule.

Yanzu ina yi wa 'yan sakandare darasin yamma a unguwarmu. Idan muka zo nan, ina ba su jadawalin buhu su yi, su ci, su ji daɗi. Bayan mako ɗaya sai in rubuta na kwanaki, da bayaninsa a sama da ƙananan baƙaƙe, in koma bayan aji in zauna. A zangon da ya wuce, wata yarinya ce ta ɗaga hannu kafin kowa ya taɓa biro.

"Malam, wannan 20 ɗin buhu ne ko kwana?"