Sta-delta ya zauna a kan famfon 11 kW, amma sai da aka rufe bawul

Yau dai famfon ya tashi, ya shige delta, bireka ba ta faɗi ba. Alhamdulillahi.

Moton na 11 kW ne, yana jan 21 A a kan 400 V. Da DOL aka fara, wato tashin kai tsaye, kwantakta ɗaya da obalod ɗaya, kuma da layin wuta mai ƙarfi ne da nan zan bar shi. To janareta ke ba shi wuta. Tashin kai tsaye yana jan ninki shida zuwa bakwai, wajen 140 A, sai wuta ta dusashe, kwantakta ta hau karkarwa. Shi ya sa aka koma sta-delta, wato moto ya tashi a haɗin sta mai rage jan wuta, sannan taima ta mayar da shi delta, tunda farantin moton ya nuna 400/690 V kuma bakin wayoyinsa shida duk a waje suke. Mai 230/400 V ba ya shiga wannan tsari a kan 400 V, delta zai ƙona shi. Kuɗin ƙarin kwantakta biyu, taima da wayoyi shida zuwa moto ya yi ciwo.

Abin da ya ci mini rai shi ne lokacin sauyawa. A sta komai lafiya, ana shiga delta sai bireka ta faɗi. Kowa taima yake zargi. An ƙara mata lokaci, sai obalod kuma ya fara yankewa tun a sta.

Mitar da na maƙala a waya ce ta tona asirin. Wuta ta tashi 45 A, ta sauko wajen 30 A, ta tsaya cak. A sta ƙarfin juyin moto kashi ɗaya cikin uku ne kawai, shi kuwa famfo mai farfela nauyinsa ƙaruwa yake yayin da gudu ke ƙaruwa: gudu ya ninka biyu, nauyi ya ninka huɗu. Da bawul ɗin fitar ruwa a buɗe, moton yana kai wani gudu ya maƙale ƙasa da inda ake so, ko minti guda aka ba shi ba zai wuce nan ba. Delta na shigowa sai ya ja wuta kusan irin ta DOL. Obalod ɗin kuwa gaskiyarsa: a layin koyil yake, an saita shi 0.58 × 21, wato wajen 12 A, ga 30 A na ratsa shi.

Da aka rufe bawul ɗin fitar ruwa, wuta ta faɗo wajen 11 A cikin daƙiƙa huɗu. Taima na kan biyar yanzu. Ana shiga delta sai a buɗe bawul a hankali, kada a bar shi a rufe ruwan ciki ya yi zafi.

Kada a gwada wannan a famfo mai fistin, rufe masa bawul fasa bututu ne. Na cikin rijiyar burtsatse ma, idan ƙarami ne kuma wuta na iya ɗauka, DOL na fi so: ba shi da nauyin da zai riƙe gudu a ɗan tsakanin sauyawa, kuma sau da yawa wayoyin koyil uku kaɗai ke fitowa sama.

Saura bawul mai buɗe kansa bayan delta ya kama.